Daga Hasashen Ciniki Zuwa Buhun Siminti: Yadda Ake Tsara Kasafin Bugu da na Sayen Kaya a Gidan Bulo

Wanda ya saba shiga gidajen bulo a Sakkwato cikin watan Maris ya san wannan yanayi. Mota ta zo ɗauka, magini yana ta kira daga wurin aiki, amma abin da ke shimfiɗe a fili ɗanyen bulo ne na jiya da shekaranjiya, wanda in aka loda shi rabinsa zai ruguje kafin a kai Mabera. Bayan wata huɗu kuma, damina ta kankama, ciniki ya ja baya, sai ka tarar da siminti jibge a sito ya fara dunƙulewa. Tushen matsalolin nan biyu ɗaya ne. Maigidan ya ɗauka abin da zai sayar shi ne abin da zai buga, abin da zai buga kuma shi ne abin da zai sayo wa kaya. Alhali lambobi uku ne mabambanta, kuma abin da ya raba su shi ne ajiya: wadda ka tarar a farkon wata da wadda kake son bari a ƙarshensa.

Masu ilimin lissafin kasuwanci suna raba aikin gida biyu. Na farko kasafin sarrafawa, wanda a gidan bulo zan kira shi kasafin bugu, shi ke faɗa maka bulo nawa za ka buga kowane wata. Na biyu kasafin sayen kayan haɗi, wato kayan da ke shiga jikin abin da ake sarrafawa kai tsaye, siminti da yashi ke nan a wurinmu. Man janareta da ladan leburori suna da nasu lissafin daban. Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe: gidan bulo mai inji ɗaya a wajen Arkilla, yana buga mai inci shida. Lambobin da farashin duka na misali ne, kowa ya cire su ya sa nasa. Mai gidan burodi ko mai ɗinka takalma zai bi sawu iri ɗaya, sunan kaya ne kawai zai canza.

Fara da ciniki, kuma ka wuce inda kake son tsayawa

Ana rubuta hasashen ciniki da yawan bulo, ba da naira ba, domin inji ba ya buga naira. Littafin bara shi ne mafari. Duba abin da ya fita kowane wata, sannan ka gyara da abin da ka sani bana: ɗan kwangilar da ya riga ya ba da kafin alƙalami, sabbin filayen da aka fara haƙa wa tushe a shiyarku, sabon gidan bulon da aka buɗe kusa da kai. Duba kalanda kuma ka ga inda azumi ya faɗo, tunda kowace shekara yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya, watan da ya yi ciniki bara yana iya zama watan da magina za su rage aiki bana. Alkawarin baki kada ka lissafa shi cikakke. Wanda ya ce zai ɗauki dubu biyar bai ajiye ko sisi ba, ni rabi nake rubuta masa.

Maigidan namu yana son kasafin wata uku, Janairu zuwa Maris. Hasashensa: Janairu 12,000, Fabrairu 15,000, Maris 18,000. A nan mutane da yawa ke ajiye biro, kuma a nan suke tuntuɓe. Dole ne ya ƙara Afrilu da Mayu, mu ce 16,000 da 10,000. Dalili zai bayyana a gaba, amma a taƙaice: bugun Maris yana jingine da cinikin Afrilu, sayen simintin Maris yana jingine da bugun Afrilu, bugun Afrilu kuwa yana jingine da cinikin Mayu. Kasafin wata uku yana cin hasashen wata biyar.

Bulo nawa zai kwana a fili?

Kafin a taɓa lissafi sai an yanke wannan, kuma shawara ce ta maigida, ba ta akanta ba. Bulo ba ya fita daga inji ya hau mota. Sai an yi kwanaki ana ba shi ruwa safe da yamma kafin ya ɗauki lodi, kuma siminti ba ya kai cikakken ƙarfin da ake auna shi da shi sai wajen kwana 28. A rani irin namu, da iskar hunturu mai busar da komai da kuma zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ruwan jikin bulo yana tsere wa da wuri, wanda aka yi wa rowar ruwa sai ya bushe a waje cikinsa gari. To idan ƙa'idar gidanka ita ce kwana shida kafin a loda, duk bulon da za a sayar a kwana shidan farko na Fabrairu dole a buga shi tun Janairu. Kwana shida cikin talatin kashi 20 ne cikin ɗari. Daga nan maigidan namu ya samo ƙa'idarsa: ƙarshen kowane wata a bar bulo a fili daidai da kashi 20 cikin ɗari na cinikin wata mai zuwa.

A lura, na wata mai zuwa ne, ba na watan da ake ciki ba, domin masu sayen gobe ake tara wa. A lura kuma kashi 20 ɗin nan ba shi da rara. Wanda injinsa ke yawan tsayawa, ko yake da abokan ciniki masu zuwa ba zato da babbar oda, ya ɗaga zuwa 25 ko 30, matuƙar filinsa zai ɗauka kuma aljihunsa zai jure, don kowane bulo da ke zaune kuɗi ne da ke zaune.

Sai abu na biyu: abin da ke fili yau. Wannan ba a littafi ake dubawa ba, da ƙafa ake zuwa a ƙirga. Littafin maigidan ya ce akwai 2,400 ranar 1 ga Janairu. Da aka ƙirga sai aka tarar 150 sun fashe ko sun guntule baki, 250 kuma wani ya riga ya biya tun Disamba, bai dai turo mota ba. Na ƙarshen nan sun fi yaudara, ido yana ganinsu a jere amma ba naka ba ne, an riga an rubuta su a cinikin bara. Abin da ya rage na sayarwa 2,000 ne, da shi za a fara.

Kasafin bugu

Ƙa'idar layi ɗaya ce: cinikin wata, a haɗa da abin da ake son bari a ƙarshen wata, a cire abin da aka tarar a farkonsa. Abin da ya rage shi za a buga.

A Janairu za a sayar da 12,000. Ana son a bar kashi 20 cikin ɗari na cinikin Fabrairu, wato 3,000. Buƙata ta zama 15,000. An tarar da 2,000 a fili, saura 13,000, su ne bugun Janairu. Wannan 3,000 da aka bari ita ce za a tarar ranar 1 ga Fabrairu, haka kowane wata ke miƙa wa na gabansa.

| | Janairu | Fabrairu | Maris | Afrilu |
|---|---|---|---|---|
| Ciniki | 12,000 | 15,000 | 18,000 | 16,000 |
| Ajiyar ƙarshen wata | 3,000 | 3,600 | 3,200 | 2,000 |
| Ajiyar farkon wata | 2,000 | 3,000 | 3,600 | 3,200 |
| Abin da za a buga | 13,000 | 15,600 | 17,600 | 14,800 |

Tsaya ka karanta layin ƙasa tare da na sama. A Janairu da Fabrairu bugu ya fi ciniki, domin kasuwa tana hawa, ana tara wa gaba. A Maris ciniki ya kai ƙololuwa amma bugu ya gaza shi da 400, domin Afrilu zai sauka, an fara cin abin da aka tara. A Afrilu tazarar ta kai 1,200. Wanda ke bugu da ido yakan yi akasin haka, ya yi sanyin jiki a Janairu don ciniki bai yi zafi ba, sannan ya ƙara leburori a ƙarshen Maris lokacin da kasuwa ke shirin juyawa. Afrilu ba ya cikin kasafinmu, mun lissafa shi ne kawai don siminti zai neme shi.

Wajen haɗa jimillar wata uku akwai rami. Ciniki ana tara shi, 45,000. Bugu ana tara shi, 46,200. Amma ajiya ba a tara ta. Ajiyar farkon wata ukun ita ce ta 1 ga Janairu kaɗai, 2,000, ta ƙarshe kuma ita ce ta 31 ga Maris kaɗai, 3,200. Gwada: 45,000 da 3,200, a cire 2,000, ya ba da 46,200. Idan wannan bai yi daidai da jimillar watanni ukun ba, akwai inda hannu ya zame, koma ka nemo kafin ka ci gaba.

Bulo nawa buhu ke bayarwa?

Wannan lamba ita ce gadar da ke tsakanin kasafin biyu, kuma ita ce aka fi yi wa ƙarya ba da niyya ba. Tambayi mai kwaɓi zai ce maka: "Alhaji, arba'in da biyu muke fitarwa a buhu." Gaskiya ya faɗa, 42 ke fita daga inji. Amma tsakanin ɗagawa daga katako, jerawa, ban ruwa da lodi, wajen biyu sukan lalace. Kasafin bugu kuwa bulo mai kyau yake ƙirgawa, wanda za a karɓi kuɗinsa. Saboda haka lambar aiki 40 ce a kowane buhu mai kilo 50.

Bambancin kamar ba komai ba ne, sai an raba. Bulo 46,200 a kan 42 buhu 1,100 ne. A kan 40 kuwa buhu 1,155 ne. Buhu 55 ke nan da kasafin zai ɓoye maka, fiye da aikin kwana uku. Hanyar samun lambarka ta gaskiya ita ce ka ɗauki wata guda cikakke, ka ƙirga buhunan da aka fasa, ka ƙirga bulo mai kyau da aka samu, ka raba. Kada ka ari lambar maƙwabci, yashinku ba ɗaya ba ne, hannun masu kwaɓinku ba ɗaya ba ne. Ina kuma roƙon masu wannan sana'a da kada su gyara kasafi ta hanyar ƙara yashi. Bulon da aka miƙe buhu ya haifi sittin, katangar wani ce za ta biya bashin idan ruwan Agusta ya sauka.

Da 40 a buhu, simintin da bugu zai ci shi ne 325 a Janairu, 390 a Fabrairu, 440 a Maris, 370 a Afrilu. Daga layin bugu aka raba, ba daga layin ciniki ba. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai da na 'yan kasuwa baki ɗaya: mutum ya gama kasafin bugu lafiya, sannan ya koma ya ɗauko 12,000 ya raba da 40.

Kasafin sayen siminti

Yanzu tambayar ɗazu ta dawo da sabuwar riga: buhu nawa zai kwana a sito? A nan ma'aunin shi ne tsawon lokacin da kaya ke ɗauka daga kiran dila zuwa saukewa a ƙofarka. Mu a Sakkwato muna da sauƙi, masana'antar siminti tana nan Kalambaina a bakin gari, ba kamar wanda zai jira tirela daga wata jiha ba. A ɗaya gefen kuma siminti ba ya son zama. Ko a busasshen sito, a kan katako, nesa da bango, in ya wuce wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa, in laima ta same shi kuwa ba ya kai haka. Maigidan namu ya zaɓi kashi 10 cikin ɗari na abin da bugun wata mai zuwa zai ci, kimanin aikin kwana biyu da rabi zuwa uku. A sito an ƙirga buhu 35, biyar sun zama dutse, masu amfani 30.

Ƙa'idar ita ce ta ɗazu: abin da bugu zai ci, a haɗa da abin da za a bari, a cire abin da aka tarar.

| Buhunan siminti | Janairu | Fabrairu | Maris |
|---|---|---|---|
| Abin da bugu zai ci | 325 | 390 | 440 |
| Ajiyar ƙarshen wata | 39 | 44 | 37 |
| Ajiyar farkon wata | 30 | 39 | 44 |
| Abin da za a saya | 334 | 395 | 433 |

Dubi 37 ɗin nan na ƙarshen Maris. Kashi 10 ne na buhu 370 da Afrilu zai ci. Buhu 370 ya fito daga bugun Afrilu na 14,800, wanda ba zai samu ba sai an san cinikin Mayu. Ga amfanin watanni biyun da muka ƙara tun farko. Wanda ya tsaya a Maris, in ya iso wannan gurbi sai ya sa sifili ko ya ƙirƙiro lamba, ya shiga Afrilu da sito wayam. Gwajin jimilla a nan ma yana aiki: 1,155 da 37, a cire 30, ya ba da 1,162, daidai da 334 da 395 da 433.

Sai yanzu naira ke shigowa, a layin ƙarshe. Farashin da za a sa shi ne na buhu a ƙofar sito, da kuɗin mota da na masu saukewa, ba wanda dila ya faɗa a waya ba. Mu ƙaddara naira 10,000 a Janairu da Fabrairu, sannan maigidan yana tsammanin ya hau zuwa 10,500 a Maris idan gine-gine suka yi yawa. Janairu zai ci 3,340,000, Fabrairu 3,950,000, Maris 4,546,500. Kowane wata da farashinsa, kada a ɗauki na yau a shafa wa duka.

Wannan layi yana faɗin kuɗin kayan da za a saya ne, ba ranar da kuɗin za su bar hannu ba. Idan dila yana ɗaga maka ƙafa mako biyu, ko kuwa sai ka biya kafin a loda, wannan maganar kasafin kuɗin hannu ce, takarda ta gaba, kuma daga wannan layin take ɗibar lambobinta.

Dila zai iya ce maka ka ɗauki tirela guda, buhu 600, ya rage maka wani abu. Kasafin ne zai ba ka amsa. Janairu yana buƙatar 334, ragowar 266 kuɗi ne sama da miliyan biyu da rabi da za su kwanta a sito, amma za a cinye su kafin Fabrairu ya ƙare, cikin rani, ba laima. In kuɗin na hannunka ne kuma sito zai ɗauka, ciniki ne mai kyau. Irin wannan tayi a watan Yuni, bugu ya ragu, iska ta jiƙe, ni ba zan karɓa ba ko ragin ya yi daɗi.

Yashi

Kowane kayan haɗi da nasa jadawalin, ba a cakuɗa su. Na yashi gajere ne, sai dai yana da darasi guda: ba a sayen rabin tifa. A ce tifa ɗaya tana ba da bulo mai kyau 1,000, maigidan yana son tifa biyu a ƙasa kullum, kuma ya tarar da ɗaya. Janairu 13 da 2, a cire 1, tifa 14. Fabrairu lissafi ya ba da 15.6, sai a sayi 16. Wannan ɗan rarar ba ta ɓace ba, tana nan a tsibi, don haka Maris zai fara da 2.4, ba 2 ba. Lissafin Maris ya zama 17.6 da 2, a cire 2.4, wato 17.2. A nan tifa 17 ta isa, a rufe wata da 1.8. Wanda ke cike lamba sama kowane wata ba ya mai da rarar cikin ajiyar farko, a hankali zai tara tsibin da bai san da shi ba. Yashi ba ya lalacewa kamar siminti, don haka gab da damina, kafin ruwa ya hana tifa shiga inda ake ɗiba, shi ne kayan da ya dace a ɗaga wa ajiya.

Shin injin zai iya?

Wannan binciken wurinsa tun bayan kasafin bugu ne, na jinkirta shi don a ga yadda taɓa lamba ɗaya ke girgiza sauran. Gidan yana buga 650 a rana, kwana 26 a wata, iyakarsa 16,900. Kasafin ya ce Maris 17,600. Takarda ta yarda, inji bai yarda ba. Mafita uku ce: ƙarin awanni, sayo bulo daga wani gida, ko a matso da aikin baya. Ƙarin awanni a zafin Maris yana gajiyar da mutane kuma yana ƙara fashewa. Bulon wani gida kuwa sunanka ne zai hau kansa. Fabrairu yana da sarari, ko da yake gajeren wata ne, sai an haɗa da aikin wasu ranakun hutu kafin kwanakin su cika. A ɗauke 800 daga Maris a kai can: Fabrairu ya zama 16,400, Maris 16,800, ajiyar ƙarshen Fabrairu ta tashi daga 3,600 zuwa 4,400. Kafin a amince, a auna fili a ga ko zai ɗauki wannan ƙari, da ruwan da za a ba shi.

Siminti dole ya bi. Fabrairu zai ci 410, Maris 420. Sayayya ta koma 336 a Janairu, 411 a Fabrairu, 415 a Maris. Har Janairu ta motsa da buhu biyu, ko da yake ba a taɓa bugunta ba, saboda ajiyar ƙarshenta tana kallon Fabrairu. Jimilla tana nan 1,162, lokacin saye ne ya canza, kuma buhu 18 sun tsere wa tsadar Maris.

Irin wannan gyara da biro yana cin lokaci, shi ya sa ya fi kyau a zuba shi a Excel ko makamancinsa, ko a waya ne. Sa watanni biyar daga B zuwa F. Layi na 2 ciniki, na 3 ajiyar ƙarshe, na 4 ajiyar farko, na 5 bugu, na 7 simintin da za a ci, na 8 da na 9 ajiyarsa ta ƙarshe da ta farko, na 10 abin saye. B4 da B9 da hannu za ka rubuta su daga ƙirga. Sauran ka ja su zuwa dama, layukan bugu da na 7 har Afrilu, na saye har Maris.

```
B3:  =C2*0.2
C4:  =B3
B5:  =B2+B3-B4
B7:  =B5/40
B8:  =C7*0.1
C9:  =B8
B10: =ROUNDUP(B7+B8-B9,0)
```

In ka matso da bugu baya kamar yadda muka yi, ajiyar ƙarshen Fabrairu za ka canza zuwa 4,400 da hannu, sauran su gyara kansu.

Ranar ƙarshen wata

Ranar 31 ga Janairu a sake ƙirga fili da sito. A ce ciniki ya tsaya a 11,000 maimakon 12,000, an kuma buga 13,000 kamar yadda aka tsara. Fili zai nuna 4,000, ba 3,000 ba. Wannan ita ce ajiyar farkon Fabrairu ta gaskiya, ita za a sa, bugun Fabrairu ya ragu da dubu ɗaya, siminti ya ragu da buhu 25. Sannan a tambayi dalili. In ɗan kwangila ne ya ɗage ɗauka zuwa mako mai zuwa, dubun nan ta koma cinikin Fabrairu, ba a rage komai ba. In kasuwa ce ta yi sanyi, hasashen Fabrairu da Maris ma sai an sake duba su.

Siminti kuma a auna shi da bulon da aka buga a zahiri. Bulo 13,000 ya kamata ya ci buhu 325. In sito ya nuna an fasa 345, buhu ya koma bayar da ƙasa da 38: ko fashewa ta ƙaru, ko ana zubar da kwaɓin da ya bushe kafin a buga, ko buhu yana fita ta wata ƙofa. Tarin fasassun bulo a gefen fili zai nuna maka ko ta farkon ce. In kuwa an fasa 300 kacal, kada ka yi murna da rarar buhu 25. Buhu ya haura 43, ma'ana an ƙara yashi a kwaɓi. Ɗauki bulo ɗaya daga bugun makon da ya wuce, ka murza gefensa da yatsa, in yana zubar da gari ka tsayar da lodi, ka tsaya a kan mai kwaɓi gobe da safe ka ƙirga baron yashin da ke hawa kan kowane buhu.

Bayan haka sai a goge Janairu daga jadawalin, a ƙara Yuni a can dama, domin kasafin Fabrairu zuwa Afrilu shi ma yana buƙatar wata biyu a gabansa. Da Yuni ya shigo, cinikin damina ya shigo, kuma a nan ne za a zauna a sake yanke ƙa'idojin ajiyar: ta siminti ta sauka, ta yashi ta hau, ta bulo kuma a duba ko kwana shida yana isa idan hadari ya rufe rana.